Mahaɗin da Ya Ƙi Murɗuwa a Ƙashin Bayan Furotin

Furotin sarƙa ce ta amino asid, kuma kowane biyu mahaɗin feftayid ne ke ƙulla su, tsakanin kabon na ɗaya da naitirojin na na biye da shi. A takarda ana zana shi da layi guda, kamar zai iya juyawa yadda ya ga dama. Amma ba ya juyawa.

Dalilin yana wajen lantarki. Naitirojin na da ilaktaron biyu da bai ƙulla komai da su ba, sai ya bazu da su zuwa wajen kabon da iskar oksijin ɗin da ke maƙale da shi. Wannan rabon yana mayar da mahaɗin kusan mai ninki biyu. Awo ya tabbatar: tsawonsa kimanin angistirom 1.33 ne, alhali na mai layi guda ya kai wajen 1.47. Murɗa shi na nufin tsinka wannan rabon, abin da ke cin makamashi mai yawa. Shi ya sa atom shida suke kwance a shimfiɗe ɗaya, kamar allo.

To ina sarƙar take lanƙwasa? Sai a gefe biyu na kabon alfa, kusurwoyin da ake kira fai da sai. Su ma ba sakaka suke ba, domin a yawancin juyi atom na karo da juna. Da wannan ƙa'ida Linus Pauling da Robert Corey suka zana murɗaɗɗen tsarin alfa a 1951, kuma a ganina nan ne hujjarta ta fi ƙarfi.