Da Wa Kyamarar Shagonka Take Magana Cikin Dare?

Kyamarar tsaro da aka haɗa da intanet ba ta yin shiru ko da babu mai kallonta. Tana tambayar lokaci, tana sanar da kamfanin da ya ƙera ta cewa tana nan a kunne, tana duba ko an fitar da sabuwar manhaja. Duk wannan aikinta ne. Matsalar ita ce wani lokaci tana magana da waɗanda ba ta da hurumin magana da su, mai ita kuma ba ya ganin komai sai data da ke ƙarewa da wuri, ko intanet da ya yi nauyi babu dalili.

Akwai manhaja ta kyauta da ke nuna wannan zirga-zirga, sunanta Wireshark. Gerald Combs ne ya fara ta a shekarar 1998 da sunan Ethereal, aka sauya mata suna a 2006. Duk saƙon da ke tafiya a intanet ana yanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce masa fakiti, kuma kamar wasiƙa yake cikin ambulan: ko da an rufe abin da ke ciki da sirri, a bayansa akwai adireshin mai aikawa, da na mai karɓa, da lambar ƙofar da za a shiga. Wireshark tana jera waɗannan fakitoci da lokacin wucewarsu da girmansu. Don gano na'urar da ke kiran baƙi, wannan ya wadatar.

Mu ɗauki misalin mai shago da yake da kyamara mai amfani da waifai, yana zargin ita ke shanye masa data. Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne buɗe Wireshark a kwamfutar da ke kan waifai ɗaya da kyamarar, su zauna jira. Ba za su ga abin kirki ba, domin rauta ba ta miƙa wa kwamfutarka saƙon da ba naka ba. Dole saƙon kyamarar ya ratsa ta cikin kwamfutar. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kwamfutar intanet ta kebul daga rauta, a kunna `Mobile hotspot` na Windows, a sa shi a kan zangon 2.4 GHz saboda yawancin ƙananan kyamarori shi kaɗai suke gani. Sai a ba shi suna da kalmar sirri irin na waifan shagon sak, a kashe waifan rautar. Kyamarar za ta koma kan kwamfutar da kanta ba tare da an cire mata wuta ba. Wannan rashin kashe ta yana da dalili babba da zai fito nan gaba.

A cikin Wireshark, mashigar da za a zaɓa yawanci tana ɗauke da suna mai farawa da `Local Area Connection*`. Windows kan ba na'urorin da suka shigo adireshi mai farawa da 192.168.137, kuma shafin da aka kunna waifan yana nuna wanda kowace ta samu. A ce ta kyamararmu 192.168.137.45 ce. A bar ta awa ɗaya cur babu wanda ya buɗe manhajar kallo a waya, sannan a tsayar a adana. Abu ɗaya da bai kamata a yi wasa da shi ba: a kan na'urarka da intanet ɗinka kaɗai ake wannan. Idan wayoyin yaran shago sun faɗo ciki, a cire su, don leƙen zirga-zirgar wani ba da izininsa ba cin amana ne, kuma doka na iya hawa kan mai yi.

Layuka dubbai za su cika allo, masu launi iri-iri. Kada a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Adireshin da ya fara da 192.168, ko 10, ko wanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, na cikin gida ne. Waɗanda ke tsakanin 224 da 239, irin su 239.255.255.250, galibi shelar da na'urori ke yi wa maƙwabtansu ce. A rubuta wannan a akwatin tacewa da ke sama domin ya rage saura na waje kawai:

```
ip.src == 192.168.137.45 && !(ip.dst == 192.168.0.0/16) && !(ip.dst == 10.0.0.0/8) && !(ip.dst == 172.16.0.0/12) && !(ip.dst == 224.0.0.0/4)
```

Daga nan a shiga `Statistics`, a zaɓi `Conversations`, a sa alama a `Limit to display filter`. Yanzu kowane layi abokin magana ɗaya ne, da yawan abin da aka aika masa da tsawon lokacin da aka ɗauka. Shafukan `TCP` da `UDP` su ne ke nuna lambar ƙofa.

A nan ne mutane da yawa ke firgita a banza. Suna ganin adireshi a Amurka ko Singafo ko China sai su ce an yi musu kutse. Ƙasar da adireshi yake ba hujja ba ce. Kamfanonin kyamara hayar manyan kwamfutoci suke yi a wurin irin su Amazon da Alibaba, haka ma ɓarayin intanet a irin wuraren nan suke haya. Ni a ganina wanda ya fara da tambayar ƙasa ya fara da tambaya mafi ƙarancin amfani. Wadda ta fi ita ce: da wane suna kyamarar ta nemi wannan adireshi? Kafin na'ura ta kira wani wuri takan tambayi lambarsa da suna, tambayar kuma galibi a buɗe take tafiya. Waɗannan layuka biyu, kowanne daban, suna fito da sunayen:

```
dns && ip.addr == 192.168.137.45
tls.handshake.extensions_server_name
```

Na farko yana nuna tambaya da amsarta, na biyu yana nuna sunan da na'urar ta ambata a farkon hirar da aka rufe da sirri. Sai a ɗauki kowane adireshi daga jerin farko a nemo sunansa a nan.

A misalinmu, layi na farko ɗan saƙo ne zuwa ƙofa ta 123, sunan kuma `pool.ntp.org`. Saita agogo ne, a wuce. Na biyu zuwa ƙofa ta 53 a adireshin 8.8.8.8, wato wurin tambayar sunaye na Google, wanda ake dasa wa na'urori da yawa tun daga masana'anta. Na uku ƙananan saƙonni ne da ke fita duk bayan daƙiƙa talatin zuwa adireshi biyu ko uku masu ɗauke da sunan kamfanin kyamarar. Wannan shi ne abin da ke ba mai shago damar kallon shagonsa a waya daga Kantin Kwari ko daga Makka: kyamarar ce ke riƙe hanya a buɗe don kiransa ya same ta. Abin dubawa a nan girma ne. Idan abin da ya fita cikin awar bai wuce 'yan kilobayit ko megabayit kaɗan ba, gaisuwa ce kawai. Bidiyon da ke tafiya da megabit ɗaya a daƙiƙa kuwa yana cin megabayit 450 a awa. In aka ga adadi irin wannan alhali babu mai kallo, to hoto ne ke fita. Wataƙila an kunna ajiyar bidiyo a wurin kamfanin ba a sani ba, wataƙila wanda ya kafa kyamarar har yanzu yana da hanyar shiga. Wireshark ba za ta faɗi wanne ne ba, amma ta nuna inda datar take tafiya.

Layi na huɗu daban yake. Hira ce ɗaya da ba ta yanke ba tsawon awar, da adireshin 203.0.113.77 (wannan yana cikin waɗanda aka ware don misali a rubuce). Sunansa ba shi da alaƙa da kamfanin, ko ma babu suna sam, kuma abin da ke wucewa ɗan mitsitsi ne, duk minti ɗaya ba fashi. Shi kaɗai abin zargi ne kawai, tunda gaisuwar kamfani ma haka take maimaituwa. Abin da ke ƙarƙashinsa ne ke tabbatar da laifi: ɗaruruwan adireshi, kowanne fakiti ɗaya ko biyu, babu wanda aka tambayi sunansa, kusan duka zuwa ƙofa ta 23. Wannan tacewar tana ware fakitin buɗe hira kaɗai:

```
ip.src == 192.168.137.45 && tcp.flags.syn == 1 && tcp.flags.ack == 0
```

Kyamara mai lafiya takan buɗe hira kaɗan da wurare kaɗan, kuma a amsa mata. Wadda ke ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya a ɗaruruwan wurare, mafi yawansu ko amsa ba su yi ba, farauta take yi. Ƙofa ta 23 ta tsohuwar hanyar sarrafa na'ura daga nesa ce da ake kira Telnet, kuma babu abin da ya haɗa kyamarar shago da neman ta a kwamfutocin duniya.

Haka muguwar manhajar nan Mirai ta riƙa yi a 2016. Tana lalube ƙofofi na 23 da 2323, tana gwada kimanin kalmomin sirri sittin irin waɗanda na'urori ke zuwa da su daga masana'anta, duk kyamara ko na'urar naɗar bidiyo da ta buɗu sai ta zama sojan haya mai jiran umarni. A ranar 21 ga Oktoba 2016 aka yi amfani da irin waɗannan na'urori aka kai hari kan kamfanin Dyn, har Twitter da Netflix suka gagari jama'a da yawa a Amurka. An saki rubutun manhajar a fili a wannan shekara, shi ya sa 'ya'yanta da jikokinta ke yawo har yau.

Ga dalilin da ya sa aka ce kada a kashe kyamarar. Mirai ta asali a ƙwaƙwalwar wucin gadi take zama, ɗauke wuta na share ta. Wanda ya cire soket kafin ya fara naɗa zai ga kyamara tsaf, ya mayar da ita, ta sake kamuwa ta ƙofar da aka bari a buɗe. Don haka naɗa biyu ake yi. Bayan na farko, a bar Wireshark tana aiki, a kashe kyamarar a kunna, a sake ba ta awa ɗaya. Mintunan farko bayan kunnawa su ne mafi amfani, don a lokacin take tambayar sunayen duka, har da waɗanda ba su fito a naɗin farko ba saboda ta riga ta san lambarsu. Wannan ma shi ya sa rashin suna a naɗin farko kaɗai ba ya zama hukunci.

Idan layi na huɗu da farautar sun ɓace, cutar daga waje ta shigo. A sauya kalmar sirri, a sabunta manhajar kyamarar, a shiga rauta a rufe ƙofofin da aka buɗe mata, a kashe `UPnP` wanda ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa. Idan kuwa sun dawo nan take alhali kyamarar tana bayan kwamfutarka inda babu mai iso gare ta daga waje, to abin ya zauna cikin manhajarta. Yana yiwuwa ma da shi aka sayo ta: a watan Yuni 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan BADBOX 2.0, wanda ya shafi akwatunan talabijin masu araha da makamantansu, wasu tun kafin su iso hannun mai saye. Idan mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta da sabunta manhajar ba su kore shi ba, kada ka tsaya toshe adireshi ɗaya a rauta, don masu ita suna iya sauya wani gobe. Ka cire ta daga intanet ta ci gaba da naɗa a katin ajiya, ko ka sauya ta.