Naman firij ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa: ya lalace ne ko da sauransa?

Ka sayo nama ja wur daga wajen mahauci, ka sa a firij, bayan kwana biyu ka buɗe ka tarar ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka. Wasu nan take za su zubar, wasu kuma su ce ai wuta ba ta barin komai, su jefa a tukunya. Dukansu na iya yin kuskure, domin launin nama labarin iskar da ta taɓa shi yake bayarwa. Labarin lalacewa kuwa hanci da yatsa da ma'aunin sanyin firij ne ke ba da shi.

Daga ina jan nama yake fitowa?

Mutane da yawa na ɗauka jini ne ke sa nama ja, alhali mafi yawan jinin yana fita tun wajen yanka. Abin da ke ba tsoka launi wani sinadari ne mai suna mayogilobin, wanda aikinsa a jikin dabba shi ne adana iskar oksijin a cikin tsoka. Jan ruwan nan da ke taruwa a ƙasan leda ma ruwa ne haɗe da wannan sinadari. Naman shanu ya fi na kaza ja ne saboda ya fi shi yawan mayogilobin.

A cikin sinadarin akwai ɗan ƙarfe, kuma shi ke sauya launi gwargwadon iskar da ya samu. Idan babu iska, kamar tsakiyar ƙatuwar tsoka da aka yanka yanzu, naman kan yi ja mai duhu da ya karkata zuwa shunayya. Idan ya sha iska na 'yan mintuna sai ya yi ja mai haske, irin wanda ke jan ido a teburin mahauci. Idan kuma ya daɗe, ko iskar da ke isa gare shi kaɗan ce, ƙarfen kan sauya kamar yadda ƙusa ke yin tsatsa, sai naman ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka.

Wannan ne dalilin da ya sa za ka ga inda yanka biyu suka manne da juna a leda ya yi duhu, alhali gefen da ke waje ja ne. Haka niƙaƙƙen nama: samansa ja, cikinsa toka-toka. Wannan sauyi shi kaɗai ba ya nuna cewa naman ya ɓaci.

Yauƙi shi ne alamar da ba a wasa da ita

Sanyin firij ba ya kashe ƙwayoyin bakteriya, rage musu saurin hayayyafa kawai yake yi. Akwai ma wasu, irin su Sudomonas, da ke iya yaɗuwa a cikin sanyi. Suna zama a saman nama suna ƙaruwa, idan suka yi yawan gaske sai su rufe shi da wani abu mai santsi. Shi ne yauƙin da kake ji a yatsa.

Akwai bambanci tsakanin damshi da yauƙi. Lafiyayyen nama yana da lema, amma idan ka taɓa ka murza yatsunka, kamar ruwa za ka ji. Wanda ya lalace yana manne wa yatsa, wani lokaci har ya ja zare kamar miyar kuɓewa. Yawanci wari kan riga yauƙi bayyana: tsami, ko ɗoyi irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Idan launin ya karkata zuwa kore kuma ga wari, magana ta ƙare.

Irin wannan nama zubar da shi ake yi. Wanke shi da gishiri ko lemon tsami yana cire santsin sama ne kawai, kuma ruwan wankin yana watsa ƙwayoyin a kan katakon yanka da kwanuka. Dahuwa ma ba ta da tabbas, domin wasu ƙwayoyin, kamar Istafilokokas, suna barin dafi wanda tafasa ba ta lalata shi.

Akwai kuma ɗaya gefen: ƙwayoyin da suka fi jawo amai da gudawa, kamar Salmonela, ba sa sauya launi ko ƙanshin nama. Nama na iya zama ja wur, babu wari, amma yana ɗauke da su. Saboda haka dole a haɗa da lissafin kwanaki da na sanyi.

Abin da firij ɗinka ya kamata ya yi

Ya kamata cikin firij ya tsaya a digiri 4 na ma'aunin Selshiyos ko ƙasa da haka, firiza kuma digiri 18 ƙasa da sifili. Lambobin 1 zuwa 5 ko zuwa 7 da ke jikin makunnin yawancin firij ba digiri ba ne, matakan ƙarfin sanyi ne. Hanyar sanin gaskiya ita ce ka sayi ɗan ma'aunin sanyi na firij, ka ajiye shi a tsakiya ya kwana, ka duba da safe. Idan ya wuce 4, ƙara ƙarfin sanyi, sannan ka duba robar ƙofa: maƙala takarda ka rufe, idan ta zare ba tare da turjiya ba, sanyi na zurarewa.

A digiri 4, ma'aikatar noma ta Amurka ta ba da shawarar kwana 3 zuwa 5 ga yankakken naman shanu ko na rago, kwana 1 zuwa 2 ga kaza, niƙaƙƙen nama da kayan ciki. Ta kuma ce idan wuta ta ɗauke, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kimanin awa 4, firiza cikakkiya awa 48, wadda take rabi awa 24. Ka tuna naman kasuwarmu yakan yi awanni a kan tebur cikin zafi kafin ya zo gida, don haka ɗauki ƙaramin adadin.

Mu gwada da misali

A ce ka sayo kilo 2 na naman sa ranar Asabar da safe, ka sa shi dunƙule guda a leda. Ranar Litinin ka ga samansa ya yi ruwan ƙasa, inda ya manne kuma toka-toka. Babu wari, babu yauƙi, ma'auni na nuna 3, wuta ba ta yi dogon ɗaukewa ba. Wannan nama lafiya lau yake, amma ka dafa shi a ranar ko ka mayar da shi firiza.

Yanzu a ce ranar Lahadi wuta ta ɗauke awa 9, yara na ta buɗe firij suna ɗaukar ruwa, har ma'auni ya kai 15. An wuce awa 4 da nisa, naman ya daɗe a zafin da ƙwayoyi ke ninkuwa da sauri. Ko da launinsa ja ne ranar Litinin, ba abin dogaro ba ne. Da tun wuta na ɗaukewa aka dafa shi, ko aka sa shi a kula da ƙanƙara, da an tsira da shi.

Na firiza fa?

Idan ka ga busassun tabo masu fari-fari ko toka-toka a jikin daskararren nama, iskar firiza ce ta busar da wurin saboda ledar ba ta rufu da kyau ba. Ba ya cutarwa, sai dai wurin kan yi tauri da rashin daɗi, don haka a yanke shi a yar. Maganinsa shi ne a kasa nama gwargwadon girki ɗaya, a matse iskar leda, a shimfiɗa shi fale-fale don ya yi saurin daskarewa, a kuma rubuta ranar. Wannan ya fi muhimmanci lokacin layya, domin idan aka cusa nama mai yawa lokaci guda, na tsakiya kan daɗe bai daskare ba, sai ya fara ɓaci alhali na waje ya yi tauri kamar dutse.