Yadda Lambar Mota Ke Nuna Inda Aka Yi Mata Rajista

Lambar mota a Nijeriya tana ɗauke da sunan jihar da ta bayar da ita a sama, tare da takenta. A tsarin da aka fara a 2011, haruffa uku na farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajistar, sai alƙaluma uku da haruffa biyu su biyo baya. Motar da lambarta ta fara da DAL a ƙarƙashin sunan Kano, rajistar Dala ce, ZAR kuwa ta Zariya ce a jihar Kaduna. A tsohon tsari, a ƙarshe ake rubuta waɗannan haruffa. Sai dai lambar ba ta nuna garin mai motar, domin mutum yana iya yin rajista a jihar da ba tasa ba.