Tsakar Daren Lahadi: Wace Rana Ake Nufi?

Takardun neman gurbin karatu da na gasar makarantu sukan zo da wa'adi iri uku: ƙarshen rana, lokacin tashi daga aiki, ko tsakar daren wata rana. A ido kamar abu ɗaya suke faɗa, amma tazarar da ke tsakaninsu tana iya kai wa yini guda cur.

Tushen al'amarin shi ne inda rana take farawa. A kalandar Miladiyya, wadda ofisoshi ke aiki da ita, rana tana kamawa da ƙarfe 12 na dare, watau 00:00, ta cika bayan awa 24. Saboda haka "ƙarshen rana" a wannan lissafi yana nufin minti na ƙarshe kafin kwanan wata ya sauya, watau 23:59. Sai dai ma'aikata da yawa in sun faɗi haka, ƙarshen ranar aikinsu suke nufi.

"Lokacin tashi daga aiki" kuwa ba ruwansa da dare. Sa'ar da ofishin mai karɓar takarda yake rufewa ce, galibi ƙarfe 4 ko 5 na yamma. Takardar da ta iso da ƙarfe 7 ta makara, ko da yake kwanan wata bai sauya ba.

Mafi rikitarwa shi ne tsakar dare, domin iyaka ce tsakanin ranaku biyu, kowace tana iya cewa tata ce. A ɗauka an ce wa'adi shi ne tsakar daren Lahadi, 15 ga wata. Yawancin masu rubuta sanarwa ƙarshen Lahadi suke nufi, gab da shigowar Litinin 16. Amma na'ura mai ƙwaƙwalwa da aka saita a kan 00:00 na ranar 15 za ta rufe ƙofa tun a daren da Asabar 14 ta ƙare, awa 24 kafin wancan.

Ga Bahaushe akwai ƙarin sarƙaƙiya. A lissafin Hijira rana tana kamawa da faɗuwar rana, dare yana gaba da yininsa. Shi ya sa daren Juma'a yake nufin daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Bisa wannan al'ada, daren Lahadi shi ne na Asabar wayewar Lahadi.

Akwai kuma agogon wurin da aka yanke wa'adin. Nijeriya da Nijar suna gaba da Gana da awa ɗaya. Wa'adin 23:59 a Kano, ga ɗalibin da ke Kumasi 22:59 ne.

Wannan ne ya sa masu lura suke rubuta 23:59 ko 00:01, tare da kwanan wata da sunan gari. Idan sanarwa ba ta fayyace ba, a tambayi ofishin. In babu hali, a bi fassarar da ta fi kusa, a miƙa takarda ranar Juma'a 13 kafin a tashi daga aiki.