Wane abin sha ne ke riƙe ruwa a jikin mai azumi, wanne ne ke ƙara ƙishirwa?

Tambaya:

Ni direban Keke Napep ne a cikin garin Katsina, ina yini tsakanin Ƙofar Ƙaura da Babbar Kasuwa. Da sahur nakan shanye ledar ruwa uku ko huɗu a jere, da buɗa-baki kuma na sha lemon kwalba mai sanyi da zoɓo. Amma kafin azahar maƙogwarona ya bushe, kaina yana sarawa. Me ya kamata in sha, me kuma zan bari?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Ka sani, ɗan'uwa, jikin ɗan Adam ba randa ba ce da za a cika da asuba a riƙa ɗiba har magariba. Idan ka kwankwaɗi ruwa mai yawa a lokaci ɗaya, jini yana tsinkewa, sai ƙoda ta yi maza ta fitar da rarar. Ledar ruwa rabin lita ce, wato leda huɗun nan lita biyu ke nan cikin ƴan mintuna. Shi ya sa za ka ga daga sallar asuba zuwa hantsi ka zaga sau biyu ko uku, fitsarin kuma fari tas. Ruwan da ka yi wa azahar tanadi ya tafi tun kafin ka ɗauki fasinjan farko.

A shekarun nan azumi yana zuwa ne a ƙarshen hunturu da farkon bazara: na 1445 ya kama daga Maris zuwa Afrilun 2024, na 1446 kuma ya cinye watan Maris na 2025. A irin wannan lokaci zafin Katsina yakan kusanci digiri 40, iska kuma busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ka lura ya fito. Farin shatin da kake gani a bayan rigarka da yamma gishiri ne da ya fita tare da gumin. Yinin azumin ya ɗan haura awa 13, daren bai cika awa 11 ba. A cikin daren nan ne za ka mayar da abin da ka rasa, kuma a hankali ake mayar da shi.

Fara da sunna. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Anas bin Malik, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi (SAW) yakan buɗe baki da ɗanyen dabino kafin salla, in babu da busasshe, in babu sai ya kurɓi ruwa. Muslim kuma ya ruwaito cewa yakan sha abin sha ne da numfashi uku. To, ka ci dabino, ka sha rabin leda ko ɗaya, ka tashi ka yi magariba. Bayan salla ka sha kunun tsamiya ko koko tare da abinci. Ka ƙara leda ɗaya kafin isha'i, ɗaya bayan asham, ɗaya kafin ka kwanta, ɗaya ko biyu da sahur. Ka ga leda huɗu da rabi zuwa shida ke nan, kimanin lita biyu da kwata zuwa uku, ban da kunu da miya. Mai yini a rana irinka yana iya buƙatar fiye da haka.

Sahur shi ne wurin da zaɓin abin sha ya fi tasiri. Ruwan da ya shiga tare da abinci, ko wanda ke ɗauke da ɗan maiƙo da ɗan gishiri, yana barin ciki sannu a hankali, don haka ƙoda ba ta gaggawar zubar da shi. Wani bincike da aka buga a Mujallar Abinci Mai Gina Jiki ta Amurka a 2016 ya gwada abubuwan sha iri-iri, ya gano cewa madara da ruwan gishiri da sukari na asibiti sun fi ruwa zalla daɗewa a jiki. Iyayenmu da ke sahur da fura da nono sun riga mu gane wannan. Ka dama ta ruwa-ruwa, kada ka cika mata sukari. Kunun gyaɗa ma yana yin wannan aiki, haka kindirmo. Kankana da kokwamba kuwa fiye da kashi 90 cikin ɗari nasu ruwa ne. Sannan ka jinkirta sahur ɗin, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Zaidu bin Sabit cewa tsakanin sahurinsu da salla gwargwadon karatun aya hamsin ne. Wanda ya ci ya sha tun ƙarfe ɗaya na dare ya kwanta, ya ƙara wa kansa awa huɗu na ƙishirwa ba tare da an ɗora masa ba.

Game da lemon kwalba: ba haramun ba ne, kuma akwai ruwa a cikinsa. Matsalarsa sukari. Lemo mai cikakken zaƙi yana ɗauke da kusan giram 10 a kowane mililita 100, wato robar rabin lita ta kai cokalin shayi 12. Yana barin baki da yauƙi, gas ɗinsa ya cika ciki, sai ka ji ka ƙoshi alhali ba ka sha abin kirki ba. Ga mai ciwon sukari abin ya fi muni, domin idan sukari ya hau a jini yana fita ta fitsari ya ja ruwa tare da shi. Zoɓo da kunun aya na sayarwa sau da yawa zaƙinsu bai gaza na lemo ba. Na gida ya fi, ka sa a rage sukarin, ka sha kofi ɗaya da buɗa-baki. Zoɓo yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini kada ya mayar da shi ruwan shansa.

Shayi kuma mutane suna tsananta masa fiye da kima. Kofi ɗaya mara kauri, musamman da madara, ba ya busar da wanda ya saba sha. Abin gudu da sahur shi ne shayi mai kaurin gaske na ƙananan kofuna, da gahawa mai ƙarfi, da lemon ƙara kuzari, domin sinadarin kafin idan ya yi yawa yana ƙara fitsari yana kuma hana barci. Idan ka saba da su, ka rage sannu a hankali, don yanke su rana ɗaya shi ma yana kawo ciwon kai.

Sau da yawa kuma ba abin sha ne mai laifin ba, abin da ya raka shi ne. Kilishi, tsire da yaji, taliyar leda da aka juye mata duk sinadarinta, miya mai dunƙule da yawa: gishirinsu yana taruwa a jini, jiki kuma ya yini yana neman ruwan da zai tsarma shi. Ka kai su buɗa-baki idan dole ne, ka raba sahur da su.

Yadda za ka gane ko tsarin ya yi: duba fitsarinka kafin ka kwanta. Idan ruwan ɗorawa ne mai haske, ka sha daidai. Idan ya yi duhu kuma kaɗan ne, da saura. Ranar da ka yi gumi sosai ko ka yi gudawa, ka haɗa fakitin ORS yadda aka rubuta a jikinsa ka sha bayan magariba. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, umarnin likitansa zai bi, ba wannan lissafi ba.

Ƙishirwa da kasala na yau da kullum ba sa halatta karya azumi. Wajibi ne ka kwana da niyya ka tashi da azuminka, kuma ka nemi inuwa ka huta tsakanin azahar da la'asar in da hali. Amma idan jiri ya kama ka har ba ka iya tsayuwa, ko hankalinka ya fara gushewa, ko zuciya tana bugawa da sauri fitsari kuma ya ɗauke, to ka tsayar da keken nan take, ranka da na fasinjoji amana ne. Malaman Malikiyya sun ce wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani wajibi ne ya sha, sai ya rama ranar bayan salla, babu kaffara a kansa. Idan bai farfaɗo ba bayan ya sha, a kai shi asibiti.

Allah ne mafi sani.