Me ya sa filash ke canja harafi a kwamfuta?

Jiya filash ɗin ma'aikaci yana kan E:, yau ya soka shi sai ya gan shi a kan F:. Manhajar da ke kwafe masa takardu zuwa E: kullum yamma ta ce ba ta ga wurin ba, alhali filash ɗin lafiyarsa ƙalau.

Dalili shi ne harafin ba a jikin filash yake ba, Windows ce ke rabawa. A: da B: tun zamanin faifan fulofi aka ware su, C: kuma na babban faifan kwamfuta ne. Duk na'urar da ta zo bayan nan, harafin farko da babu kowa a kai take samu. Windows takan tuna harafin da ta ba filash a baya, amma idan aka cire shi wani ya zo ya hau gurbin, to in ya dawo sai ya karɓi na gaba.

A ofis lamarin ya fi rikitarwa. A ce kwamfuta na da C:, faifan DVD na kan D:, an kuma ɗaura foldar sashen kuɗi da ke kan sabar ofis a kan E:. Wannan ɗaurin na mutumin da ya shiga da sunansa ne kaɗai, sashen Windows mai raba wa na'urori haruffa kuwa kwamfutar gaba ɗaya yake duba. A ganinsa E: babu kowa, sai ya miƙa wa filash. Za a ji ƙarar shigarsa, amma in an buɗe E: foldar ofis za a tarar, filash kuwa ko sama ko ƙasa. Windows XP ta yi ƙaurin suna da wannan. Waɗanda suka biyo bayanta sun rage shi, sai dai yakan faru idan filash na soke tun kafin mutum ya shiga.

Gyaran ba wuya. A bar filash a soke, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta:

```
diskmgmt.msc
```

A tagar da ta buɗe za a ga filash ɗin, a tabbatar shi ne ta hanyar duba girmansa. A danna dama a kansa, a zaɓi Change Drive Letter and Paths, sannan Change, a ba shi harafi mai nisa kamar R:, inda sabuwar na'ura ba za ta kai ba. Foldodin sabar kuma a fara ɗaura su daga Z: ana dawowa baya.

Aikin na buƙatar izinin mai kula da kwamfutar, kuma dole a gyara manhajar kwafin ta koma duba R:. A wannan kwamfutar kaɗai harafin zai zauna; in an kai filash wata, sai an maimaita gyaran a can.