Harajin kuɗin haya: abin da mai gida zai cire da abin da zai bayyana

Yawancin masu gidajen haya a Najeriya sun san nawa ɗan haya ke biyansu a shekara, har kwabo, amma kaɗan ne za su iya faɗin nawa gidan ya ci musu. Hukumar haraji kuwa lissafi biyun take nema, domin ba a kan dukan kuɗin da ya shigo hannu ake ɗora haraji ba. Ana ɗora shi ne a kan abin da ya rage bayan an cire ɗawainiyar da gidan ya ci.

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haraji ta Najeriya ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Ma'auninta guda ne: kuɗin da za a cire dole ya zama an kashe shi baki ɗaya, kuma don samar da wannan kuɗin shigar kaɗai. Gyaran rufin da ke yoyo ya shiga, haka sabunta fenti bayan ɗan haya ya tashi, da kwashe masai, da canza famfon da ya lalace. Ladan dillalin da ke karɓar haya ya shiga, da kuɗin inshorar ginin, da kuɗin ƙasa na shekara da ake biyan gwamnatin jiha, da kuɗin gini da ƙaramar hukuma ke karɓa. Wanda ya ci bashi ya gina gidan hayar zai iya cire kuɗin ruwan da ya biya, amma ba uwar kuɗin ba.

Inda ake yawan yin tuntuɓe shi ne tsakanin gyara da ƙari. Gyara shi ne mayar da abu yadda yake a da. Ƙari shi ne samar da abin da babu shi, ko ɗaga darajar ginin. Idan iskar damina ta kwashe kwano shida aka mayar da su, an yi gyara. Idan aka ɗora bene, ko aka fitar da sabon shago daga jikin katanga, ko aka haƙa rijiyar burtsatse a gidan da bai taɓa samun ta ba, an ƙara jari ne, kuma doka ba ta yarda a zabtare shi daga hayar shekarar ba, ko da daga cikin kuɗin hayar aka biya. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, bayan an gama aikin, gidan ya koma yadda yake ne ko ya fi da? Magina ba su damu da wannan bambanci ba, sukan rubuta “aikin gida” a takarda guda su sa jimla. Ka nemi a rubuta kowane aiki da kuɗinsa daban, don idan aka gwamutsa su jami'in haraji na iya ƙin karɓar duka.

Hidimar kanka ma ba ta shiga. Wanda ke zaune a sama ya ba da ƙasa haya sai ya raba kuɗin gyaran da ya shafi ginin duka, ya cire kason ɓangaren haya kawai.

A ɗauka wani mai gida ne a Kano, ba shi da wata hanyar samu sai gini guda. Shagon ƙasa yana hannun wani kamfani a kan naira miliyan 2 a shekara, sannan akwai sassa biyu a sama, kowane naira 800,000. Jimlar haya ta zama miliyan 3.6. Sai dai kamfanin ba zai ba shi miliyan 2 cif ba. Doka ta wajabta wa kamfani ya riƙe kashi 10 cikin 100 na haya ya kai wa hukumar haraji da sunan mai gidan, don haka miliyan 1.8 zai gani a asusunsa. Duk da haka miliyan 2 zai rubuta a takarda. Naira 200,000 ɗin nan ba ɗawainiya ba ce, kuma ba ta ɓata ba. Haraji ne da aka biya masa tun gaba, za a rage masa shi a ƙarshen lissafi.

A wannan shekarar ya kashe 250,000 a gyaran rufi, 150,000 a fenti, 50,000 a kwashe masai, 180,000 ladan dillali, sai 70,000 kuɗin ƙasa da na ƙaramar hukuma. Duka 700,000 ke nan. Ya kuma haƙa sabuwar rijiyar burtsatse, amma ita tana gefe. An cire 700,000 daga miliyan 3.6, saura miliyan 2.9, kuma a kan wannan za a yi masa lissafi.

A sabon tsari, naira 800,000 na farko babu haraji a kai. Miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 na gaba kashi 18, yana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mutumin namu saura masa miliyan 2.1 bayan an ware 800,000, harajinsa ya kama 315,000. An cire 200,000 da kamfani ya riga ya biya, sai ya cika 115,000. Da ba shi da shaidar abin da ya kashe, da a kan miliyan 3.6 za a yi lissafin, harajin ya tashi 438,000. Rasitan da bai jefar ba sun tsare masa naira 123,000. Ma'aikaci mai albashi ya lura: haɗa albashi da ribar haya ake yi, kuma sau ɗaya ake ba da rangwamen 800,000 ɗin, saboda haka hayarsa na iya faɗawa mataki na sama.

Akwai wani sauƙi da aka yi ta magana a kansa, na kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, iyakarsa naira 500,000. Wannan na ɗan haya ne mai biya, ba na mai gida ba. Amma ya shafi mai gida ta wata fuska, don ɗan hayar da ke neman sauƙin sai ya bayyana wa hukuma ainihin abin da yake biya. Mai gidan da ya rubuta ƙasa da haka ya bar takardu biyu masu karo da juna a ofis guda.

Mutum ɗaya ba ga hukumar tarayya yake kai bayaninsa ba, ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune yake kaiwa, ba jihar da ginin yake ba. Mazaunin Kaduna mai gida a Kano, Kaduna zai kai. Mazaunin Abuja kuma yana da hukumar babban birnin tarayya. Ana miƙa bayanin shekarar da ta wuce kafin ƙarshen watan Maris, da lambar shaidar mai biyan haraji, a rubuta jimlar haya, a jera ɗawainiya, a nuna ragowar, a haɗa da shaidar harajin da aka riƙe. Wannan shaidar ce ta fi ba da wahala, domin wani kamfanin yana riƙe kuɗin ya yi jinkirin kai su, hukuma kuwa ba ta rage wa mai gida abin da ba ta gani da sunansa ba. Ka ba kamfanin lambarka tun ranar da ake rubuta yarjejeniya, ka nemi takardar shaidar da zarar ya biya haya, kada ka bari sai Maris. Yarjejeniyar haya, rasitai da bayanan banki kuma a adana su shekara shida, don hukuma na iya waiwayowa ta tambaya.